Ranar da Na Hana Mai Fenti Shiga Ajina

Na daɗe ina koyarwa a wata makarantar firamare a Tudun Wada, kuma mafi yawan shekarun nan a ɗaki ɗaya na yi su, wato aji huɗu, wanda ke ƙarshen jerin azuzuwan da suka ba titi baya. Tagoginsa uku na gabas, biyu na yamma, dukkansu na ƙarfe ne, babu gilashi. Ba mu da lantarki. Hasken da Allah ya ba mu ta taga, da shi muke karatu, sai kuma abin da bango ya ga damar mayar mana.

Lokacin da na fara shiga ɗakin, shuɗin fenti ne mai duhu a jikinsa tun daga ƙasa har sama. Wanda ya zaɓe shi ya yi dabara ne don kada datti ya nuna, kuma gaskiya bai nuna ba. Amma da zarar hadari ya haɗu muka rufe tagogi, sai ajin ya koma kamar cikin rumbu. Na bayan aji ba sa ganin allo, na gaba kuma hamma suke yi. Kafin a fita tara, sai in ƙirga kawuna biyar ko shida a kwance kan benci. Na yi faɗa, na sa tsallen kwaɗo, na sa waƙa, duk a banza. Bayan wasu shekaru aka zo aka shafe shi da farar ƙasa, fari fat. Barci ya ragu, sai wata sabuwa ta ɓullo. Da hantsi, in rana ta shigo ta tagogin gabas ta sauka a bangon yamma, sai ka ga yara suna ƙanƙance ido suna murzawa da bayan hannu. Ni kaina nakan koma gida da ciwon kai a saman gira. Ba a littafi na karanta wannan ba. A ɗakin na tsaya na gani, shekara da shekaru, har farar ƙasar ta dusashe ta koma ruwan toka muka samu sauƙi.

A shekarar da abin da zan ba da labari ya faru, akwai wata yarinya zabiya a ajina. Mahaifiyarta tela ce a Gyallesu, kullum ita ke sako ta a keke da safe. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma haske na wahalar da ita ƙwarai. Na zaunar da ita a bencin gaba, inda rana ba ta kaiwa, ina kuma yi mata rubutu manya. Ko da haka, in haske ya yi yawa sai ta jawo hijabinta ta yi wa idonta rumfa, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa littafi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ni ce dai na koyi duban hannunta: in ya tashi zuwa goshi, na san lokacin tura taga ɗaya ya yi.

Ana cikin zango na biyu, hedimasta ya tara mu ya yi mana albishir. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wani Alhaji mai shagon kayan gini a Kwangila, ya ɗauki nauyin yi wa makarantar fenti gaba ɗaya. A makarantar ya yi firamare, kuma mutum ne mai alheri, wannan ba zan ɓoye ba. Shi ya gyara mana rijiya, shi ya sa aka rufe kwanon da iska ta yaye. Muka yi tafi, muka yi addu'a. Ni ma na yi. Ba a gaya mana launi ba, ni kuma ban tambaya ba.

Aka ce za a riƙa yin aikin ranakun Asabar da Lahadi don kada a katse karatu, aji ɗaya ko biyu kowane mako. Da aji uku aka fara, maƙwabcina.

Ranar Litinin da misalin ƙarfe tara na leƙa in gani. Ina sa ƙafa sai na ja baya. Bango uku an shafe su da farin fentin mai, irin mai sheƙin nan da ake yi wa ƙofar ƙarfe. Bangon allo kuwa ruwan goro ne mai ƙarfi, shi ma yana ƙyalli. Rana ta shigo ta bugi bangon yamma, bangon ya watso ta ko'ina kamar an kafa madubi. Baƙin allo yana tsakiyar wannan ruwan goron, in ka dube shi na ɗan lokaci ka kawar da kai, sai ka ga wani abu yana yawo a idonka. Ga warin fentin bai gama fita ba.

Malamin ajin saurayi ne, bai daɗe da fara aiki ba. Na ce masa, "Malam, ya kake ganin ɗakin?"

Ya ce, "Ya yi kyau, Malama." Ya duba ko akwai mai jin mu, sannan ya ce, "Sai dai ban san inda zan tsaya ba. Duk inda na juya, ido nake kashewa."

Na dubi yaransa. Kusan rabinsu sun ɗora hannu a goshi.

Daga nan ofishin hedimasta na wuce. Mun daɗe tare da shi, ya girme ni, kuma ba mu taɓa samun saɓani mai tsanani ba. Na gaishe shi, na zauna, na ce, "Ranka ya daɗe, irin fentin aji uku za a yi wa sauran?"

"Shi za a yi. Ba ki ga yadda ya fito ba? Kamar asibiti."

Na ce, "Yara ba za su iya karatu a cikinsa ba. Yana ɗaukar ido."

Ya yi dariya. "Malama, da kike kukan suna barci fa? Alhaji ya ce ruwan goron nan shi zai riƙa farkar da su. Farin kuma don haske da tsabta."

"Zai farkar da su na rabin awa, sannan ya gajiyar da su har a tashi. Ina roƙon a yi magana da Alhaji kafin a ci gaba. Ba cewa na yi a fasa ba, a canza irin fentin kawai."

Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Mutum ya ba ka kyauta, ka ce masa ba irin wadda kake so ba ke nan? Da wane baki zan faɗa? Ki yi haƙuri, idonsu zai saba. Asabar mai zuwa ajinki ne."

Na ce, "Ido ba ya sabawa da abin da ke cutar da shi, ranka ya daɗe. Haƙuri kawai yake yi."

Ya jawo rajista ya buɗe. Na gane an sallame ni.

Ranar Laraba mai fentin ya zo duba bangon ajina don ya san inda zai cike da inda zai kankare. Dattijo ne siriri, hularsa duk ɗigon fenti, ya ce tun yana saurayi yake wannan sana'a. Na bari har yara suka fita tara, sannan na tare shi.

"Baba, don Allah in tambaye ka. Da jikanka ne zai zauna a aji uku, za ka yi masa wannan fentin?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofa. Ya ce, "Malama, ni abin da aka ba ni nake shafawa."

"Na sani. Ba laifinka nake nema ba. Sani nake nema."

Sai ya ajiye abin kankararsa ya zauna a kan benci. Ya ce fentin mai an yi shi ne don ƙofa da taga da ƙasan bango, inda hannu ke taɓawa, saboda ana iya wanke shi. Amma shafa shi a bango duka, a ɗakin da rana ke shiga, zalunci ne ga ido. Fentin ruwa, wanda ba ya sheƙi, shi ke karɓar haske ya baza shi a hankali ko'ina. Ya ce farin ma ba laifi ba ne a inda ya dace: silin ya kamata ya zama fari, don ya maido haske ƙasa kan littattafai, tunda ba mai zama yana kallon sama. Ya nuna bangon tagogi ya ce shi ma a ba shi launi mai haske sosai, domin in bangon ya yi duhu taga kuma tana haske, ido na wahala tsakanin biyun.

Na ce, "Bangon allo fa?"

"Nan ne idonsu ke wuni. Su dubi littafi fari, su ɗago su dubi allo baƙi, su koma. In bangon da ke kewaye da allon fari ne ƙal, ko mai ihu irin na maƙwabcinki, ido ba shi da wurin hutawa. A ba shi launi mai sanyi, tsaka-tsaki, ya ɗan fi sauran duhu kaɗan. Amma kada ya yi duhun da zai kawo barci."

Na ce, "Ka faɗa wa Alhaji haka?"

Ya miƙe ya ɗauki kayansa. "Bai tambaye ni ba."

Ranar Juma'a da aka tashi, na bari kowa ya watse. Na ciro kwaɗon makarantar daga ƙofar ajina na sa a jaka, na maye gurbinsa da wani sabo da na saya a bakin titi. Na kulle, na ja shi sau biyu na tabbatar, na hau keke na tafi gida. Ba zan ce ban ji tsoro ba. Amma na riga na ga abin da ke zuwa: da zarar fentin mai ya hau bango ya bushe, ba mai sake waiwayarsa sai bayan shekaru, kuma yarinyar nan da sauran yarana su za su zauna a ciki, ba hedimasta ba, ba Alhaji ba.

Na gaya wa maigidana da muna cin abinci. Ya ajiye cokali ya ce, "Kin kulle ajin gwamnati da kwaɗonki?"

Na ce, "Na kulle."

"Kin san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka?"

"Na sani. Ya doke ni."

Ya girgiza kai, ya ci gaba da cin abincinsa. Can ya ce, "To, in sun kira, ki ɗauka. Kada ki ɓuya. Wanda ya ɓuya shi ne marar gaskiya."

Da safiyar Asabar wayata ta yi ƙara. Hedimasta ne.

"Malama, mai fenti yana ƙofar ajinki, makullinmu ya ƙi buɗewa."

"Ba zai buɗe ba, ranka ya daɗe. Na canza kwaɗon."

Ya ce, "Ki aiko da makullin yanzu."

"Ka gafarce ni, ba zan aiko ba. In kun ga dama ku fasa, ba ni da ikon hana ku. Amma ba da hannuna za a yi ba."

Bai fasa ba. Daga baya na ji cewa ya umarci mai fentin ya ɓalle kwaɗon, dattijon ya ce shi fenti aka kira shi ya yi, ba fasa ƙofa ba. Sai suka wuce aji biyar suka shafe shi.

Ranar Litinin ina isa masinja ya miƙo mini takardar tuhuma: in yi bayani a rubuce dalilin da ya sa ba za a hukunta ni ba saboda rashin biyayya. Wannan ce ta farko a duk rayuwar aikina. A ɗakin malamai wasu suka daina hira da na shiga. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce, "Ke kuwa a kan bango za ki zubar da mutuncinki? Ki je ki ba da haƙuri, magana ta wuce." Na ce mata haƙuri zan bayar a kan kwaɗo, amma ba a kan bango ba.

Amsata layi huɗu ce. Na amsa cewa ni na canza kwaɗo, kuma na san ba ni da izini. Na roƙi abu ɗaya: zaman da za a yi a kaina, a yi shi a cikin aji uku, ƙarfe tara na safe, ba a ofis ba.

Ban san abin da ya sa hedimasta ya yarda ba. Wataƙila ya zaci in Alhaji ya ga kyan aikinsa, ni zan ji kunya. Ranar Laraba aka fitar da 'yan aji uku zuwa ƙarƙashin bishiyar darbejiya, muka shiga: hedimasta, Alhaji, wasu iyaye uku na kwamiti, da ni. An kawo kujerun roba an jera a inuwa kusa da ƙofa.

Na gaishe su, na ce, "Alhaji, kafin a fara, ina neman alfarma. Ku zauna a bencin yara."

Hedimasta ya ce, "Malama, wane irin abu ne wannan?"

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya tattara babbar rigarsa, ya matsa ya zauna a layin tsakiya, gwiwoyinsa na tokarar teburin. Ya ce, "A irin bencin nan na yi shekara shida. Ba baƙona ba ne." Sauran suka bi shi.

Na raba musu takarda da fensir. Na rubuta sakin layi ɗaya a allo daga darasin ranar, a kan yadda ake tsabtace ruwan sha, da girman rubutun da nake yi wa yara. Na ce, "Ku kwafa mini, don Allah. Abin da yara ke yi ke nan daga safe har a tashi."

Rana ta riga ta sauka a bangon yamma. Na koma gefe ina kallonsu. Ba a daɗe ba wata Hajiya cikin iyayen ta jawo mayafinta ta kāre gefen fuskarta. Wani ya karkata jiki yana neman inda ƙyallin ba ya kaiwa. Hedimasta bai rubuta komai ba, ya naɗe hannu yana kallon ƙasa. Alhaji kuwa ya dage. Ya ɗaga kai, ya sunkuya, ya ɗaga kai, ya sunkuya. A layi na uku ya cire tabarau ya goge ido da gefen riga. Ya mayar, ya ƙara layi ɗaya, ya sake cirewa.

Ya ce, "Tsufa ne."

Hajiyar nan ta ce, "Alhaji, ni ban tsufa ba, kuma wallahi idona yaji yake yi."

Na ce, "Minti goma ke nan. Su awa biyar suke yi."

Hedimasta ya gyara murya. Ya ce shi ya san tushen maganar: akwai yarinya zabiya a ajina, ita nake tausayi. Sai a saya mata baƙin tabarau, ko a mayar da ita lungu, ba sai an ɓata aikin makaranta duka saboda mutum ɗaya ba. Har ya ce a kira ta a gani.

A nan ne raina ya ɓaci, na kuma ji muryata ta fi ƙarfin yadda na so. Na ce, "Ba za a kira ta ba. Ba abin kallo ba ce. Kuma ba maganar mutum ɗaya ba ce. Abin da ke damunta yana damun duk sauran, ita dai ta riga su ji. Ku fita ku tambayi waɗanda ke ƙarƙashin bishiya, babu zabiya ko ɗaya a cikinsu."

Alhaji ya dube ni, ba da fara'a ba. Ya ce, "Malama, me ya hana ki zo shagona ki faɗa mini? Sai da kika kulle ƙofa gari ya ɗauka an ƙi kyautata?"

Wannan tambayar ta kama ni, domin yana da gaskiya a cikinta. Na ce, "Na bi ta hanyar da aka ce mu riƙa bi, aka rufe ta. Amma da na zo wurinka da ya fi. Wannan kuskurena ne, ka yafe mini. Fentin kuwa, ko yau aka sake kawo shi, zan sake kulle ƙofar."

Ya miƙe da ƙyar daga bencin. Ya ce fentin da ya saya ya riga ya saya, kuma ba zai mayar da makaranta wurin gwaji ba. Amma tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai fenti ya zo shago ya musanya na aji huɗu da duk abin da nake so. "Ajinki kaɗai. In ya yi muni, kowa ya san mai shi." Ya fita bai yi mini sallama ba.

Na so a ce duka aka canza. Ban samu ba. Na karɓi abin da na samu.

A nan kuma na gano cewa sanin abin da ba ka so ya fi sanin abin da kake so sauƙi. Mai fentin ya kawo takardar launuka, na zaɓi wani kore da ya burge ni don bangon allo, na ce shi za a yi. Ya ce, "A'a, Malama. A takarda ɗan yatsa ne, a bango kuwa ɗaki ne. Launi in ya samu fili ƙarfi yake ƙarawa." Na nace. Bai yi musu ba. Ya shafa mini faɗin tabarma a gefen allo, ya kuma tsarma wani da fari da ɗan ruwan toka ya shafa a ɗaya gefen. A bangon gefe ya yi ruwan madara iri biyu, ɗaya ya fi karkata zuwa ruwan ƙwai. Ya ce kada in yanke hukunci sai sun bushe, kuma in dube su da safe, da tsakar rana, da kuma tagogi a rufe.

Kwana uku ina kallonsu. Koren da na zaɓa, da na rufe tagogi kamar yadda muke yi in ana ruwa, sai ya koma kusan baƙi, allon ya ɓace a cikinsa. Da na bi son raina, da na maido wa yarana duhun da na tsana. Wanda dattijon ya tsarma kuwa ya tsaya yadda yake, allo ya fito sarai a jikinsa. Ruwan madarar da ya karkata zuwa ruwan ƙwai ya yi kyau da sassafe, amma da rana ta yi zafi sai ya sa ɗakin ya zama kamar ya fi zafi. Na tambayi yaran ma. Na sa su dubi allo daga kujerunsu su faɗa mini gefen da ya fi musu daɗi. Yarinyar nan ba ta ɗaga hannu ba, sai da aka fita ta zo ta taɓa wanda aka tsarma da yatsa, ta ce, "Malama, wannan ba ya cizo."

Na je na sami mai fentin na ce, "Baba, kai ka yi gaskiya."

Ya ce, "Ai ba ni ba ne, bango ne ya faɗa miki."

Asabar da Lahadi aka yi aikin, ina wurin tun safe. Silin fari. Bangon gefe biyu da na baya ruwan madara mai haske, na fentin ruwa. Bangon allo kore mai sanyi, kamar bayan ganyen da ya sha rana. Daga ƙasa zuwa ƙugun babban mutum aka yi fentin da ake iya gogewa, ruwan ƙasa mai haske, saboda hannuwa da takalma. Ruwan goron Alhaji ma ban yar da shi ba. Na sa aka yi wa ƙofa, aka kuma ja siririn layi da shi a bangon baya, inda nake manna zanen yara. Mai shigowa zai gan shi ya ji ɗakin da rai, amma ba ya gaban idon mai karatu.

Ba zan ce daga ranar yarana suka zama malamai ba. Mai jin yunwa bai daina hamma ba, wanda ya kwana yana taya uwarsa aiki bai daina gyangyaɗi ba. Amma murzar ido ta ragu ƙwarai, na daina rufe taga da hantsi, in ana ruwa kuma na baya suna ganin allo. Yarinyar ta ci gaba da sunkuyawa kan littafi, domin haka idonta yake, sai dai ta fi daɗewa tana kallon allo kafin ta gaji. Mahaifiyarta ta zo wata rana ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi ɗakin, ta ce, "Ta daina kwanciya da ciwon kai in ta dawo gida." Ta ajiye mini ɗinkakken mayafi ta tafi kafin in yi magana.

Sauran azuzuwan duk an yi musu fari da ruwan goro. Malamin aji uku ya riƙa manna kwalaye da taswira a bangon yamma har ya kusa rufe shi. Takardar tuhumar tana cikin fayil ɗina har yau. Alhaji ya yi watanni in mun haɗu sai dai ya ɗaga hannu daga nesa.

Da sabuwar shekarar karatu ta zo, aka manna jadawalin rabon azuzuwa a ƙofar ofis. An ba wata malama aji huɗu. Ni an mayar da ni aji biyu, fari mai sheƙi, bangon allo ruwan goro, tagogi uku na gabas. Hedimasta ya ce sauyi ne na yau da kullum. Na ce masa na gode.

Na nemi mai fentin na tambaye shi ko za a iya shafa fentin ruwa a kan na mai. Ya ce ba zai kama ba, ɓarewa zai yi kamar ɓawon gyaɗa, sai an goge sheƙin da samfefa, takardar nan mai yashi-yashi ta goge katako, tukuna, an wanke, an yi shafin ƙasa, sannan a ɗora. Ya ce aiki ne mai cin hannu, kuma shi kafaɗarsa ta fara ba shi matsala.

Na ce, "Ka nuna mini yadda ake yi, ni zan goge."

Wannan karon na rubuta wa hedimasta takarda ina sanar da shi, na kuma hau acaɓa na je Kwangila da kaina na faɗa wa Alhaji a shagonsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ke dai ba kya gajiya." Na ce ban gaji ba tukuna. Ya kira mai tsaron kaya ya ce a ba ni samfefa mai laushi, ba mai kaushi ba, don kada in yage masa bango.

Ranar Asabar na ɗaura tsohon zane, na rufe hanci da baki da ɗankwali, na buɗe tagogi duka. Dattijon ya nuna mini yadda zan naɗe samfefar a jikin guntun katako in riƙa zagayawa a hankali. Na fara daga bangon allo. Kafin azahar malamin aji uku ya leƙo, ya tsaya yana kallo, sannan ya naɗe hannun rigarsa ya ce in akwai saura a ba shi ɗaya.